Wasiƙar ta'aziyya ga iyalan direban da ya rasu a bakin aiki: daga daftarin da aka yaga zuwa wanda aka kai gida

Mu ɗauki wani kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata wajen 80. Ɗaya daga cikin direbobinsa, wanda ya shekara 11 yana aiki a wurin, ya yi hatsari ranar Talata da yamma a kan hanyarsa ta dawowa daga kai kaya, ya cika a asibiti cikin dare. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ƙaraminsu ko makaranta bai shiga ba. Motar ta kamfani ce, 'yan sanda ba su kammala bincike ba, kamfanin inshora kuma bai ce uffan ba tukuna. Ranar Laraba da safe manaja ya umarci jami'ar sashen kula da ma'aikata ta shirya wasiƙar ta'aziyya kafin a tashi daga aiki.

Jami'ar ta buɗe wata tsohuwar wasiƙa da ke ajiye a kwamfuta, ta sauya abin da za ta sauya, ta fito da wannan:

"Zuwa ga wanda abin ya shafa. Hukumar gudanarwa ta samu labarin rasuwar ma'aikacinta sakamakon hatsarin da ya yi da motar kamfani a dalilin lalacewar birki. Marigayin ma'aikaci ne mai ƙwazo da riƙon amana. Kamfani zai ɗauki nauyin iyalansa, kuma za a biya dukkan haƙƙoƙinsa nan ba da jimawa ba. Ana buƙatar iyalai su dawo da katin shaida, wayar aiki da makullan da ke hannunsa cikin kwana 7."

Babu mugun nufi a cikinta, kuma duk wanda ya taɓa zama a ofis ya ga irinta. Amma cikin jimlolin nan babu wadda ta tsira zuwa daftarin ƙarshe.

Wa za a rubuta wa?

"Wanda abin ya shafa" gaisuwar takardar neman bashi ce, ba ta ta'aziyya ba. Sai dai gyaranta bai zo da sauƙi ba. Da jami'ar ta ɗauko fayil ɗin marigayin, sai ta tarar fom ɗin da ya cike ranar da aka ɗauke shi aiki yana ɗauke da sunan yayansa a gurbin wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. A lokacin bai yi aure ba, kuma cikin shekara 11 ba wanda ya ce ya sabunta fom ɗin. Wannan shi ne tarkon da ma'aikatu suka fi faɗawa: a bi fayil ido rufe, wasiƙa ta tafi gidan ɗan'uwa, matar da aka bari da marayu ta ji labarinta a bakin wasu.

Akwai mutum uku da ake yawan cuɗanya su, alhali kowannensu daban ne. Akwai wanda ma'aikaci ya rubuta a tuntuɓa, akwai wanda ya rubuta a matsayin mai karɓar kuɗin inshora ko fansho, akwai kuma magadan da doka ta sani. Suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama uku. Wasiƙar ta'aziyya ba ita ke raba wannan gardama ba, don haka bai kamata ta yi kama da ta raba ba. Idan aka rubuta wa mutum ɗaya "za mu biya ka haƙƙoƙin marigayi", an ba shi takarda mai tambarin kamfani da zai iya ɗagawa a gaban sauran dangi.

Abin da aka yi a nan shi ne aka tambayi shugaban direbobi, wanda ya fi kowa sanin gidan, ya tabbatar da cikakken sunan matar da yadda ake rubuta shi. Aka sa wasiƙar da sunanta, tare da 'ya'ya da sauran dangi. Yayan marigayin kuma aka kira shi ta waya, aka shaida masa cewa za a kawo wasiƙa gida, aka ba shi kwafi. Ta haka ba a tsallake kowa ba, ba a kuma naɗa kowa magaji ba. Sunan marigayin shi ma an duba shi a katin shaidarsa, ba a jadawalin albashi ba, domin jadawalin albashi kan gutsure suna ko ya juya shi. Kuskuren harafi ɗaya a sunan mamaci ya isa ya sa iyali su gane cewa wanda ya rubuta bai san shi ba.

Dalilin rasuwa

"A dalilin lalacewar birki" magana ce da jami'ar ta ji a bakin wani direba a farfajiyar kamfani. Wataƙila gaskiya ce, wataƙila ba haka ba ne. Rahoton bincike bai fito ba. Idan aka bar ta a wasiƙa, kamfani ya sa hannu a kan cewa motarsa ce ta kashe mutumin. Idan kuma aka juya ta aka ce "saboda gudu", an ɗora wa mamaci laifi a gaban 'ya'yansa, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Duka biyun ba su da gurbi. Iyali sun san yadda ya rasu, ba su buƙatar a maimaita musu. Ya isa a ce ya rasu a bakin aiki, tunda wannan kowa ya yarda da shi.

Sai dai akwai kishiyar wannan kuskuren, kuma a ganina ta fi muni. Da lauyan kamfani ya ga daftarin, ya so a ƙara jimlar da ke cewa wasiƙar ba ta nufin kamfani ya amsa wani laifi. Manaja ya ƙi, kuma ya yi daidai. Wasiƙar da ba ta faɗi dalili ba ba ta buƙatar irin wannan katanga. Sa ta zai nuna wa matar cewa tun gawar mijinta ba ta huce ba kamfani ya fara shirin kotu. Aikin lauya a nan shi ne ya karanta ya tabbatar babu jimlar da ta yanke hukunci, ba ya sa wa wasiƙar muryarsa ba. Abin da aka amince a kai shi ne jimla guda: ana bincike, kuma za a sanar da iyali sakamakon kai tsaye. Wannan alkawari ne da za a iya cikawa, kuma yana amsa tambayar da ke cin ran iyalin.

Yabon da bai san mutum ba

"Mai ƙwazo da riƙon amana" zai dace da akawu, ya dace da mai gadi, ya dace da manajan kansa. Shi ya sa bai ce komai ba. Maganinsa ba ƙarin kalmomin yabo ba ne. Jami'ar ta ɗauki minti goma ta zauna da mutum biyu da suka yi aiki da marigayin, ta yi musu tambaya ɗaya: me za ku fi tunawa da shi? Ɗaya ya ce duk sabon direban da aka ɗauka, shi ne ke zama gefensa a tafiyar farko ba tare da an sa shi ba. Ɗayan ya ce kullum shi ke fara isowa, har masu gadi ke cewa da shi suke gane gari ya waye. Waɗannan biyun suka shiga wasiƙar. Su ne abin da 'ya'yan za su karanta in sun girma, domin ba su san mahaifinsu a wurin aiki ba, kuma wannan ne kaɗai abin da kamfani ke da shi wanda dangi ba su da shi.

Ba a zuzuta ba. Idan ma'aikaci yana da takardun gargaɗi a fayil, ba a ambatonsu, amma kuma ba a ce shi ne gwarzon kamfani ba; ana neman abu ɗaya na gaskiya a tsaya a kai. Abokan aikinsa za su ga wasiƙar ko su ji labarinta, kuma sun san wane ne shi.

Maganar taimako

A nan ne wasiƙar ke tsayawa ko ta faɗi. "Kamfani zai ɗauki nauyin iyalansa" ta fito daga zuciya mai tausayi, amma a tambayi wanda ya rubuta ta: nauyin me, har yaushe? Matar za ta karanta ta a matsayin kuɗin haya, kuɗin makaranta, wataƙila har da albashin da zai ci gaba da shigowa. Manaja kuwa abin da ke ransa gudummawar jana'iza ce da haƙƙoƙin da ke rubuce a ƙa'idar aiki. Bayan wata uku, idan ta zo da wasiƙar a hannu aka ce mata ba haka ake nufi ba, an yi mata rashi na biyu. "Nan ba da jimawa ba" ita ma haka take. Kuɗin inshora da na fansho ba a hannun kamfani suke ba. Wasu hukumomi ne ke biya bayan sun karɓi takardu, kuma lokacinsu ba manaja ke yanka shi ba.

Kafin a sake rubuta ko layi ɗaya, jami'ar ta zauna da akanta suka raba duk abin da ake iya cewa taimako gida uku.

Kashi na farko shi ne abin da ke hannun kamfani kuma an riga an amince da shi. A wannan lamarin abu uku ne: kuɗin asibiti na daren da ya kwanta, gudummawar jana'iza da ƙa'idar aiki ta tanada, da cikakken albashin watan da ya rasu a cikinsa. Waɗannan manaja ya sa hannu a kansu tun safiyar Laraba, don haka aka ambace su a wasiƙar da sunansu, har da ranar da za a yi. Ba a sa adadin kuɗi ba. Wasiƙar ta'aziyya takan zaga hannuwa da yawa a gidan rasuwa, kuma adadin kuɗi a takardar da kowa ke karantawa yana jawo wa mai takaba idon da ba ta buƙata.

Kashi na biyu shi ne haƙƙoƙin da tabbas akwai su amma sai an bi matakai: garatuti, kuɗin hutun da bai ci ba, inshorar rai ta ma'aikata, abin da ya tara a asusun fansho, da diyyar rasuwa a bakin aiki gwargwadon dokar ƙasar da kamfanin yake. Waɗannan suna buƙatar takardar shaidar mutuwa, sau da yawa rahoton 'yan sanda idan hatsari ne, da takardar da ke nuna wanda ke da ikon karɓa. Wasiƙar ta'aziyya ta taɓa su da jimla guda kawai: akwai haƙƙoƙi, za a kawo bayaninsu a rubuce a wasiƙa dabam, kuma kamfani zai taya cike takardu. Jerin takardun da lissafin suka koma wasiƙa ta biyu.

Kashi na uku shi ne abin da ake fata amma ba a yanke ba. Wani daga cikin shugabanni ya kawo shawarar a ɗauki nauyin karatun yaran, wani ya ce a ba matar aiki. Shawarwari ne masu kyau, amma hukumar gudanarwa ba ta zauna a kansu ba. Ko alamarsu ba a sa ba. Idan an amince daga baya, labari ne mai daɗi da za a kai. Idan ba a amince ba, ba a karya wa kowa alkawari ba.

Sai kuma abu ɗaya da ba kuɗi ba, wanda iyalai kan fi amfana da shi: mutum guda mai suna da lambar waya. "Ku tuntuɓi ofishinmu" na nufin matar za ta tsaya a ƙofa tana yi wa mai gadi bayanin ko ita wace ce, sannan ta maimaita labarin mutuwar mijinta a tebur uku. An zaɓi jami'ar da kanta, aka sa lambarta ta kai tsaye, aka kuma rubuta cewa ita za ta kira su, ba sai sun nema ba. Wanda ke cikin makoki ba shi da ƙarfin bin ofis.

Katin shaida, waya da makullai kuwa an cire su gaba ɗaya. Kayan kamfani ne, za a karɓa, amma ba a wannan takardar ba. Abin da ke da haɗari a cikinsu, wato layin wayar aiki da katin shan mai, an dakatar da su daga ofis ba tare da an dami kowa ba. Kafin a taɓa wayar kanta, sai an ba iyali dama su kwashe hotuna da lambobin da ke ciki, domin sau da yawa hotunan ƙarshe na mutum a nan suke.

Wasiƙar da aka kai

Ga yadda ta kasance, an bar gurbin sunaye da kwanan wata:

"Zuwa ga Malama ..., da 'ya'ya, da dukkan iyalan marigayi Malam ...

Da sunan shugabanni da dukkan ma'aikatan wannan kamfani, ina miƙa muku ta'aziyyar rasuwar maigidanku, mahaifinku kuma ɗan'uwanku, Malam ..., wanda ya rasu ranar Talata yana bakin aikinsa. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Shekara 11 muka yi da shi. Kullum shi ne na farkon isowa, kuma babu sabon direban da ya shigo wurin nan da bai zauna gefensa ya nuna masa hanya a tafiyar farko ba, ba tare da kowa ya sa shi ba. Da yawa cikin direbobinmu a hannunsa suka koyi aikin. Rashinsa ya taɓa mu ƙwarai.

Kamfani ya biya kuɗin asibiti, kuma wakilanmu za su miƙa muku gudummawar jana'iza tare da wannan wasiƙa. Albashinsa na wannan wata zai fita cikakke a ranar da aka saba biya. Akwai sauran haƙƙoƙinsa; za mu kawo muku bayaninsu a rubuce cikin mako biyu, kuma za mu taya ku cike duk takardar da ake buƙata. Ana kan binciken hatsarin, kuma da zarar an kammala, mu da kanmu za mu sanar da ku sakamakon.

Malama ... ta sashen kula da ma'aikata ita ce za ta riƙa magana da ku. Lambarta ita ce .... Za ta kira ku ranar ..., kuma kuna iya kiranta kafin nan a kan kowace irin tambaya.

Allah ya raya abin da ya bari.

Naku cikin alhini,
..., Manajan Kamfani"

Shafi ɗaya ce, ba ta kai kalma 250 ba. Babu lambar fayil a samanta, babu kanun magana mai manyan haruffa, babu jerin waɗanda aka aika wa kwafi a ƙasa. An buga ta a takarda mai tambarin kamfani, manaja ya sa hannu da biro, ba hatimi aka danna ba, ba kuma wani ya sa a madadinsa ba. Addu'ar da ke ciki an zaɓe ta ne bayan an tabbatar da addinin gidan. Ƙa'idar ita ce a bi imanin iyalin, ba na mai sa hannu ba, in kuwa ba a sani ba a tsaya ga fatan haƙuri da juriya. An kuma guje wa jimloli irin su "mun san yadda kuke ji". Ba su sani ba.

Lokaci da hanyar kaiwa

Wasiƙa ba ita ke kai labarin mutuwa ba, kuma ba ta maye gurbin zuwa. Tun daren Talata shugaban direbobi yana asibiti, manaja kuma ya kira gidan da safiyar Laraba. Wasiƙar ta isa ranar Alhamis, a hannun mutum uku: manaja, shugaban direbobi da jami'ar da sunanta ke ciki, domin matar ta ga fuskar wadda za ta riƙa kiranta. Kwana biyu zuwa uku bayan rasuwa shi ne daidai; idan ta wuce mako, ta fara kama da abin da aka tuna daga baya. An miƙa ta a rufe cikin ambulan, ba a karanta ta a bainar jama'a ba, ba a ɗauki hoto ba. Idan mai karɓa ba ta iya karanta harshen da kamfani ke aiki da shi, a rubuta da harshen da take ji, ko a haɗa biyun. In ba haka ba, wani ne zai karanta mata, kuma shi zai zaɓi abin da zai faɗa.

Inda aka kusa yin tuntuɓe

Jimla mafi sauƙi a wasiƙar ita ce ta kusa zama ƙarya. Ranar da aka shigar da rasuwar a manhajar ma'aikata, manhajar ta cire sunan marigayin daga jadawalin albashi, kamar yadda take yi wa duk wanda ya bar aiki, ta lissafa masa kwanakin da ya yi kawai. Akanta ya gano ne kwana huɗu kafin ranar biya, da ya ga jimillar albashin sashen direbobi ta ragu. Da bai duba ba, da alkawarin "cikakke a ranar da aka saba" ya karye tun a watan farko. Akwai kuma wani ƙulli a bayansa: banki kan rufe asusun mutum da zarar an sanar da shi rasuwarsa, don haka kuɗin na iya shiga asusun amma iyali su kasa taɓa shi sai an kawo takardun gado. Jami'ar ta faɗa wa matar haka ƙarara a kiran farko, don kada ta ɗora lissafin cefanen watan a kan kuɗin da ba za ta iya cira ba. Gudummawar jana'iza ce aka miƙa hannu da hannu, ta sa hannu a takardar karɓa, ɗaya daga cikin dangi ya zama shaida.

Don haka aka mayar da wasiƙar jadawalin aiki. Kowane alkawari a cikinta aka ba shi layi: abin da aka ce, wanda zai yi, da ranar. Layuka shida suka fito, wato kuɗin asibiti, gudummawa, albashi, wasiƙar haƙƙoƙi, sakamakon bincike da kiran waya. Aka kuma bi duk wani saƙo da ke fita da kansa zuwa wayar ma'aikaci ko gidansa, kamar tunin sabunta lasisi, sanarwar jadawalin tafiya da gaisuwar cikar shekara a aiki, aka cire sunansa. An duba ranar da inshorar lafiyar iyalin za ta yanke, domin ta rataya ne a kan aikinsa, aka sa wannan ranar a wasiƙa ta biyu da manyan baƙi, kada matar ta je asibiti da yaro a ce mata katin ya daina aiki.

Wasiƙa ta biyu ta isa a rana ta 12, cikin wa'adin da aka ɗauka. Layi biyar sun rufe kafin wata ya ƙare. Na shida, sakamakon bincike, ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata, kuma ba kamfani ke riƙe da shi ba. Jami'ar ta sa wa kanta tuni duk mako biyu, tana kiran matar ko da abin da za ta ce bai wuce "har yanzu rahoton bai fito ba, ranar kaza zan sake kira" ba.